Awarwaron Hajiya

Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifiyarmu, mu uku muka zauna a ɗakinta a Gyadi-Gyadi don raba gwal ɗin da ta bari: ni, Yaya, da ƙanwarmu da ke aure a Tarauni. Mahaifinmu ya riga ta rasuwa, iyayenta ma haka, kuma ba ta bar bashi ko wasiyya ba.

Mutane da dama sun ɗauka gwal na mata ne kawai. A shari'a dukiya ce kamar kowace, namiji na da rabon mata biyu. Don haka Yaya na da rabi, mu kuwa rubu'i-rubu'i.

Tare muka je wurin masu gwal biyu a Kasuwar Rimi, domin bakin mutum ɗaya ba ya yanke farashi. Kowanne ya goga kayan a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya cire nauyin duwatsun ado. Sarƙa ɗaya ta fito ruwan gwal ce kawai aka shafa mata. Abin da ya rage giram 80, duk karat 21. Muka yarda da farashin da ɗan kasuwa zai saya a ranar, domin kuɗin ƙira ba ya dawowa.

Ƙanwarmu ta so awarwaron da Hajiya ta sayo a Makka, giram 32, alhali rabonta 20. Na fahimce ta, ita ta yi jinya. Amma jinya ba ta ƙara rabo, sai dai wani ya yafe da son ransa bayan ya san hakkinsa.

Yaya ya ce, "Auta, riƙe shi, ki biya ni kuɗin giram 12." Wani malami ya ja kunne cewa gwal da kuɗi hannu da hannu ake yi, ba a jinkirta biya. Awarwaron ya zauna a hannuna har ta haɗa kuɗin, aka sake tambayo farashin ranar, ta biya a gaban shaidu biyu, aka rubuta.