Tambari mai ƙugiya

Tambari ba hoto ba ne. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, kuma a wurina ya fi kama da harafi. In mai zane ya zana maka raƙumi sau goma, kowane da irin tsayuwarsa, duka goman raƙuma ne. Amma ɗauki tutar ƙasarmu: ruwan lemu a sama, fari a tsaka, kore a ƙasa, da'ira guda a kan farin. Mayar da da'irar nan tauraro, ko ka sa ta zama biyu, ka fita daga Nijar ke nan. A aji ana koya mana kalmomi biyu da sauti guda kaɗai ya raba su, kamar kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Ƴar ƙugiyar da ke saman harafin ita ke ɗauke da ma'anar duka. Haka tambari yake, kuma a daidai nan ne injinan zana hoto na ƙirƙirarriyar basira ke tuntuɓe.

Na san wanga al'amari ne saboda ƙungiyarmu ta nemi tambarin da za mu riƙa sawa a bangon ɗan littafin nan da ke hannunku, aka ɗora min aikin. Abin da munka shirya a taro ba shi da yawa: baƙar da'ira, farin harafin ƙ a cikinta, da ɗigo huɗu a ƙarƙashi, na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai. Launi biyu, baƙi da fari, don littafinmu fotokopi ne, ba mu da kuɗin launi.

Umarnin da na ba injin da Turanci na rubuta shi, don yawancin hotunan da aka horar da shi da su bayaninsu da Turanci yake. Ga shi:

```
minimal flat logo, white letter ƙ inside a solid black circle,
four small black dots below, plain white background, two colors
```

Kowace kalma a nan da aikinta. Injin ya ga ɗimbin hotuna da bayaninsu, kuma kalma tana jan sa ne zuwa unguwar hotunan da aka saba samun ta tare da su. In ka ce `logo` kawai, zai iya kawo maka tambari a jikin gilashin shago, ko a kan katin kasuwanci da aka aje bisa tebur, da inuwa da sheƙi, don haka masu talla ke nuna aikinsu a intanet. Kalmomin `flat` da `plain white background` su ke fiddo shi daga shagon su aje shi a farar takarda. Sunan siffa kuwa, da'ira ko murabba'i ko alwatika, yana rage masa wurin yawo. Ka ce masa ya zana "basira" ko "haɗin kan matasa", ka ba shi daji ne. Zai dawo da ƙwan lantarki da hannuwa riƙe da juna, irin waɗanda kowace ƙungiya a duniya ke da su.

To, ta fuskar kama, ya yi ƙoƙari. Duk abin da ya fito, in ka hango shi daga nesa, tambari ne: tsaf, ba tarkace. Sai ka matso. Na sa ya yi sau goma sha biyu, na kwafe su a takarda na zauna da biro ina duba su kamar mai gyaran jarrabawa. Ɗigo huɗu ya fito daidai a wasu, a wasu uku ne, a wasu biyar, a guda ma ɗigon sun hau cikin da'irar sun koma farare. Harafin kuwa, sau da yawa k ce tsirara, ba ƙugiya. Sau biyu ya ba ni wani abu tsakanin k da R, harafin da babu shi a kowane harshe da na sani.

Wata ƴar ajinmu ta leƙo ta ce, "Kai, wanga ai ya yi kyau, ɗauki guda mana, wa zai lura?" Na ce mata, in an rubuta miki "baki" a wurin "baƙi" a katin biki, za ki lura.

Abin da na fahimta shi ne injin ya fi jin sifa da suna a kan ƙidaya da dangantaka. "Baƙi", "da'ira", "shafaffe", waɗannan yana jin su sarai. Amma "huɗu", "a ciki", "a ƙarƙashi", waɗannan kalmomi ne masu ɗaure abu da abu, kuma su yake riƙewa sako-sako. Dalilin yana cikin yadda yake zanen. Irin waɗannan injinan, kamar Stable Diffusion da aka saki a 2022, ba sa ɗaukar kamfas su ja da'ira, ba sa ƙirga ɗigo. Suna farawa ne da hazo, irin yayyafin da talabijin ke yi in ba tasha, su riƙa share shi mataki-mataki, kowane mataki suna karkata shi wajen abin da ya yi kama da bayanin. Kama ake nema, kuma ɗigo uku da ɗigo biyar duka sun yi kama da "ƴan ɗigo a ƙarƙashin da'ira". Ba wani a ciki da ke komawa ya ƙirga.

Ƙugiyar kuwa matsalarta biyu ce. Ta farko, harafin ƙ baƙo ne a wurinsa. Lambarsa a kwamfuta `U+0199`, kuma hotunan da ke ɗauke da shi ba su kai komai ba in an gwada da masu k. Duk sa'ad da hazon ya fara kama da ƙ, nauyin abin da injin ya saba gani sai ya ja shi ya koma k. Mu a nan ma mun san wannan ja: mutum nawa ke rubuta ƙ ko ƴ a saƙon salula? Ta biyu, girman wuri. Stable Diffusion na farko yana fidda hoto mai ɗigon allo 512 a tsaye, 512 a kwance, amma ainihin aikin yana yin sa a taƙaitaccen fili mai gida 64 a kowane gefe. Wato gida guda yana wakiltar ɗigo takwas a kowane gefe. In tsawon harafin ya kai ɗigo 120, ƙugiyar ba za ta wuce 20 ba, gida biyu da rabi ke nan. A gida biyu da rabi ake son ya rubuta bambancin kafa da ƙafa. Sababbin injinan sun fi wancan iya rubutu nesa ba kusa ba, musamman gajerun kalmomin Turanci da Faransanci, amma hanyar dai ta kamantawa ce.

Akwai kuma maganar korewa, wadda ta fi ba ni dariya a matsayina na mai nazarin jimla. Wani zanen ya zo da inuwa a gefen da'irar, sai na ƙara `no shadow`. Inuwar ba ta tafi ba, a wasu ma ta ƙaru. A wurin mutum, "ba" tana kashe abin da ke bayanta. A wurin injin, sau da yawa abin da ya ji shi ne an ambaci inuwa. Shi ya sa wasunsu ke da wurin korewa daban: Stable Diffusion na da akwatin `negative prompt`, Midjourney na da `--no`. In babu wannan, gara ka faɗi abin da kake so maimakon abin da ba ka so: launi guda shafaffe, gefe mai kaifi.

Ko "shafaffen" ma sai an bincika. Ido zai ce maka da'irar baƙa ce ƙirin. Buɗe hoton a GIMP, ka ɗauki abin tsinkar launi ka taɓa wuri biyar a cikinta, za ka ga lambobi biyar mabambanta, nan baƙi sosai, can ya ɗan yi toka. Ko ka rubuta masa `#000000` a umarni, ba alkawari ba ne zai ba ka shi. A allon salula wannan ba komai. A injin fotokopin bakin jami'a, wanda tawadarsa kullum ke gab da ƙarewa, tokar nan ita ke zama dabbare-dabbare.

Gwaje-gwajen da na yi ba sa cin kuɗi sosai, kuma ina ba duk mai irin wannan aiki shawarar su. Na rage tambarin zuwa santimita biyu, girman da zai yi a hatimi, na kwafe shi, na sake kwafe kwafin, har sau uku, don haka littafinmu ke yawo daga hannu zuwa hannu. Siraran layuka su suka fara ɓacewa. Na kuma ninke takardar biyu ta tsakar da'irar na ɗaga ta ga rana: gefen hagu bai hau kan na dama ba, da'irar ƙwai ce mai ladabi. Masu son launi kuma su kiyaye, ruwan lemu da kore sukan koma toka kusan iri guda a fotokopi, sai tambarin ya zama dunƙule guda.

Abin da ya fi duka wuya shi ne gyara. Zane na tara ya kusa: ƙaurin da'irar da zaman harafin sun yi min, ɗigo ne kawai biyar. Mai zane ɗan Adam sai ka ce masa, malam, goge guda. Injin kuwa, na canza kalma guda, ya sake komai, har da da'irar da nake so. Akwai lambar da ake kira `seed` mai sa ya fara daga hazo iri guda, akwai kuma hanyar shafe gefe guda a ce ya sake nan kawai, amma ko da su abin da ke hannunka ɗigon allo ne, ba siffa ba. In ka faɗaɗa shi don allon taro, gefen sai ya yi haƙora.

Saboda haka na ɗauki na tara a matsayin shawara, na buɗe Inkscape, wanda kyauta ne, na gina shi da hannu. Akwai `Trace Bitmap` mai bin sawun hoto da kansa, sai dai yana kwafe har da karkacewar, ya ba ka da'ira mai gaɓoɓi barkatai. Da'ira ta gaskiya abu uku take buƙata, tsakiyarta a kwance, tsakiyarta a tsaye, da nisan gefenta:

```
<circle cx="50" cy="42" r="36" fill="#000000"/>
```

Wannan layin, ko a hatimi ko a bangon aji, da'ira guda ce ba ta canzawa. Ɗigon huɗu na jera su da tazara guda, kowane da lambarsa. Harafin na ɗauko shi daga rubutun Andika, wanda ke da ƙ da ɓ da ɗ da ƴ cikakku, na ƙara wa ƙugiyar ƙauri kaɗan don ta jure kwafi na uku. Daga nan na danna `Object to Path`, harafin ya tashi daga rubutu ya zama zane. In ba a yi haka ba, ranar da aka buɗe shi a kwamfutar mai fotokopi wadda ba ta da wannan rubutun, za ta musanya shi da nata, ko ta aje ɗan akwati fanko a tsakar da'irar.