Kunne Ɗaya Ma Yana Cin Wasa

A fadojinmu na Konni, in an ce wane bai iya PUBG ba, maganar ta ƙare ke nan. Ba mai tambayar ko yana jin abin da muke ji. Alhali wasan nan kusan rabinsa kunne ne: takun ƙafa, ƙarar bindiga, rurin mota. Mu kuwa a ƙasar sanƙarau muke, kuma cutar takan tafi ta bar yaro da kunne ɗaya, ko da ji kaɗan. Daga Malbaza har Illela, da wuya a rasa irin wannan yaro a unguwa. Yawancinsu ba sa faɗi, sai dai ka ga kullum suna juyo maka da gefe guda in kana magana.

Ina da aboki ɗan ajinmu wanda kunnensa na hagu ya mutu tun yana ƙarami. Na zauna kusa da shi wata da watanni muna wasa, kuma abin da muka gano tare shi ne nake so in ba ku.

Mu fara da yadda mutum ke gane inda sauti ya fito. Ƙara in ta taso daga hagu, tana riga isa kunnen hagu, kuma ta fi ƙarfi a can. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa tana auna ta. Masu ƙera wasa wannan suke kwaikwayo: suna raba sauti biyu, na hagu daban, na dama daban. Shi ake kira sitiriyo.

To ga abokina cikin wani gida a Pochinki, a taswirar Erangel. Abokin gaba ya taho da gudu ta hagunsa. Wasan ya zuba yawancin takun a ekutar hagu, inda babu mai saurare. Ɗan abin da ya rage ne ke isa kunnen dama, siriri, kamar mutum yana can nesa. Shi sai ya ɗauka da sauran lokaci, ya tsaya cika bindiga, a harbe shi ta taga. Ba jinkirin hannu ba ne. Labarin ƙarya kunne ya kawo masa. Alamar da za ka gane haka ga wani ita ce, kusan kullum ta gefe ɗaya ake kashe shi.

Gyara na farko ba cikin wasan yake ba, cikin wayar yake. In taka da Faransanci take, shiga `Paramètres`, sannan `Accessibilité`, ka kunna `Audio mono`. In irin wadda aka sayo ta Sakkwato ce da Turanci, sunan `Mono audio` ne a ƙarƙashin `Accessibility`. Tecno da itel da Infinix kowace da inda take ɓoye shi, don haka mafi sauƙi ka rubuta `mono` a wurin bincike na saitin. Aikinsa shi ne ya haɗe sautin hagu da na dama ya aika wa kowane kunne duka. Don gwaji, ka sa wani ɗan ƙungiyarku ya yi gudu yana zagaya ka. In takun bai ɓace ba ko ta ina ya bi, ya kama.

Amma fa gyaran yana da kuɗinsa. Da mono za ka ji cewa akwai mutum, ka ji ko yana kusa, sai dai ba za ka san ta ina ba, domin komai ya dawo tsakiyar kai. Shi ya sa mai kunne biyu lafiyayyu bai kamata ya kunna shi ba. Wanda kuma kunnensa ɗaya rauni kawai ya yi, bai mutu ba, gara ya nemi ma'aunin daidaita hagu da dama, wanda wayoyi da yawa ke ajiyewa kusa da mono, ya ɗan tura shi wajen kunnen mai rauni. Ta haka ba zai rasa sanin gefe ba.

Abin da mono ya ƙwace, ido ne zai maido shi. A PUBG Mobile, ƙaramar taswirar da ke kusurwar sama ta dama tana nuna alamar sawu in wani yana gudu kusa, da wata alama in an yi harbi, da wata in mota ce, kowace a gefen da ƙarar ta fito. Matsalar ita ce taswirar ƙarama ce, kuma tana nesa da tsakiyar fuskar waya inda ido ke aiki. Sai muka shiga wurin da ake tsara maɓallan wasa, cikin `Controls`, muka ƙara mata girma, muka jawo ta ciki kaɗan ba tare da ta rufe abin da ke gaba ba. Aikin ya rabu ke nan: kunnen dama ya ce "ga mutum", ido ya leƙa ya ce "yana bayanka". Wannan wurin dai shi ne zai taimaki mai raunin gani, da wanda yatsansa ba ya miƙewa, tunda kowane maɓalli ana iya girmama shi a kawo shi inda hannu ke kaiwa.

Taswirar ma tana da iyaka. A shimfiɗe take, ba ta cewa mutum yana saman bene ko yana ƙasa. Kuma wanda ke rarrafe a hankali yakan iso ba tare da alama ta fito ba. Don haka abokina ya bar shiga gidajen bene shi kaɗai. Ya fi son fili, ko ya tsaya bango na hagunsa, yadda hatsari sai dai ya zo ta gefen da yake ji.

Saura mu ƴan ƙungiya. Ihun "ga shi nan, ga shi nan!" ba ya amfanar kowa, balle wanda muryarka da takun maƙiyi ke cushe masa a kunne guda. Mun koma sa alama a wurin da muka hango mutum, da aika gajerun saƙonnin da wasan ya tanada, waɗanda ke fitowa a rubuce. Shi kuma ya kashe kiɗan wasan, ya rage muryarmu, ya bar sautin taku da harbi.

Gargaɗi ɗaya nake roƙo a riƙe. Mai kunne ɗaya yakan so ya ƙure ƙara don ya cike giɓi, kuma ƙara mai yawa tana cin ji a hankali, ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar desibel 80, kuma in ƙarar ta ƙaru, lokacin raguwa yake sosai. Ba mu da na'urar awo a fada, amma muna da alamu: in na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga ekutarka, ko ka cire ta ka ji kunne yana ƙugi, ka wuce gona da iri. Wanda kunne ɗaya ya rage masa ba shi da na canji.

In a fadarku akwai wanda kullum ta gefe ɗaya ake cin sa, kafin a yi masa dariya a ja shi gefe a tambaye shi, ba gaban jama'a ba. Gyaran bai kai minti biyar ba, kuma ba ya cin ko dala.