Wasiƙar ɗan Galtimari da ta fi kama da ta kowa

Wasiƙun neman aiki da matasanmu ke aikawa ƙungiyoyin agaji a Maiduguri kamar uwa ɗaya ta haife su. An je shagon buga takardu, an sauya suna da kwanan wata, shi ke nan. Mai tantancewa kuwa na iya samun ɗaruruwa a gabansa, layin farko ya isa ya gane.

Ɗan yayata da ke Galtimari, a ƙaramar hukumar Jere, ya karanci ilimin ƙwayoyin cuta a Jami'ar Maiduguri, ya gama bautar ƙasa. Wata ƙungiya ta tallata gurbin mai wayar da kai kan tsafta da ruwan sha, sai ya turo mini wasiƙarsa ta Turanci, ya ce, "Kawu, a duba mini nahawu." Nahawu lafiya lau. Ga ma'anar abin da ya rubuta: "Cikin ƙanƙan da kai nake neman aiki a ƙungiyarku mai daraja. Ni matashi ne mai ƙwazo da gaskiya, ina iya aiki da jama'a, ina jure matsi, burina in taimaki al'umma."

Na ce ya goge sunan ƙungiyar ya sa na banki. Ya sa, wasiƙar ta zauna daram. Wasiƙar da za ta dace da banki ta kuma dace da aikin ruwa ba ta ce komai game da aikin ruwa ba. Ƙwazo da gaskiya kuwa, wa ya taɓa rubuta cewa shi malalaci ne?

Muka ajiye ta, muka ɗauko tallar. Abu uku suke nema: jin Kanuri da Hausa, tattara bayanai da waya, da gogewar shiga gidaje. Na tambaye shi ina yake ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shafe Fori da Gwange da sassan Galtimari. Ashe bayan ruwan ya janye ya yi aikin sa kai, yana bin gidaje da ɗan akwatin gwajin kulorin, yana shigar da sakamako a KoboCollect. Ko kalma ɗaya bai rubuta ba, wai ai ba a biya shi albashi ba, saboda haka ba aiki ba ne!

Na ce to me ya fi tsaya masa a rai? Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce a bakin famfo sai ruwan gwaji ya yi ja-ja, alamar kulorin na nan. Amma in ka bi ruwan nan cikin jarkokin 'yan ga-ruwa har randar gida, inda kowa ke tsoma moɗa da hannu, sau da yawa ba ka ganin launi ko kaɗan, alhali ana so kada kulorin ya gaza miligiram 0.2 a lita. Ya ce tun lokacin abin ke cinsa. Wannan shi ne dalilinsa na gaske, ya binne shi ƙarƙashin "burina in taimaki al'umma".

Sabuwar wasiƙar ta soma haka: "Bayan ambaliyar 2024 na yi aikin sa kai ina gwada ruwan sha a gidajen Galtimari. Na ga yadda ruwa mai tsafta ke gurɓata tsakanin famfo da randa. Tallarku ta ce wanda aka ɗauka zai riƙa bin gidaje kan ajiyar ruwa, shi ya sa nake neman wannan gurbi." Sakin layi na biyu ya amsa buƙatun nan uku, kowace da hujjarta: da Kanuri yake yi wa iyaye mata bayani, a waya yake cike fom, gida-gida ya bi yana gwajin ruwa. Shafi ɗaya bai ma cika ba.

Ya so ya ƙara cewa ruwa ya ci gidansu. Gaskiya ne, amma na hana, don tausayi yake jawowa, mai ɗaukar aiki kuma wanda zai iya yake nema. Ya kuma so ya kira kansa shugaban tawaga. Nan ma na ƙi. A ganawa za a tambaye shi mutum nawa ya jagoranta, wa yake kai wa rahoto, ƙarya kuwa fure take ba ta 'ya'ya.

Wani zai ce ai ba a samun aikin nan sai da hanya. Ban musa ana yi ba. Kuma idan talla ta ce dole gogewar shekara biyu, daɗin wasiƙa ba zai haifar da su ba. Shi ya sa ya rubuta ƙarara cewa nasa aikin na sa kai ne, ya faɗi tsawonsa, ya sa wanda ya kula da masu aikin sa kan a matsayin mai shaida, bayan ya kira shi ya nemi izini.