Makullin da ke buɗe kansa idan an ɗauke wuta

Yawancinmu mun san wani da littafinsa ya tafi tare da kwamfutar da ta ƙone ko wayar da aka sace. Maganin kowa ya san shi, a riƙa ajiye kwafi a wani wuri. Matsalar ita ce mutum yana mantuwa. Shi ya sa na ɗora wa tsohuwar kwamfutata wannan aiki, tana yi da kanta ko ina kusa ko ba na kusa, ta hanyar wata 'yar manhaja mai suna cron da ke cikin Linux.

Cron tsohon abu ne, tun shekarun 1970 yake cikin tsarin Unix, kuma irin wanda aka fi amfani da shi yau ya samo asali ne daga wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987. Aikinsa guda ɗaya ne: kowane minti yana duba jadawalin da ka rubuta masa, in lokacin wani aiki ya yi sai ya tayar da shi. Ana buɗe jadawalin da `crontab -e`, a rubuta layi irin wannan:

```
*/15 * * * * /usr/bin/rclone copy /home/ni/rubutu drive:ajiya
```

Gurabe biyar ɗin farko su ne minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Tauraro yana nufin kowanne, `*/15` kuwa yana nufin duk bayan minti 15. Sauran layin shi ne aikin: rclone ya kwashe abin da ke cikin jakar rubutu ya kai Google Drive.

Sai dai cron ba ya waiwaye. Ba ya tambaya ko aikin da ya tayar ɗazu ya ƙare. Lokaci na yi zai tayar da wani, ko da na farkon yana tsakiyar hanya.

Wanda yake da intanet mai gudu ba zai taɓa lura da wannan ba, don aikin kan ƙare cikin daƙiƙoƙi. Mu a Dutsi da muke jona kwamfuta da datar waya, lissafinmu daban ne. Wani abokina mai shagon buga takardu yana naɗar tatsuniyoyi daga bakin kakarsa don ya mayar da su littafi. Wata rana ya jefa muryar da ya naɗa, wajen megabayit 300, cikin jakar da cron ke kwashewa. Kafin azahar datarsa ta ƙare. Ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka duba min, kamar wani na satar min data."

Ba wanda ke sata. A ce layinka yana iya tura megabayit bakwai da rabi a minti. Fayil mai 300 zai ci minti 40. Cron ya tayar da aiki ƙarfe 8:00. Ƙarfe 8:15 ya tayar da na biyu. Shi kuma ya leƙa can ya ga fayil ɗin bai isa ba, sai ya fara tura shi daga farko. Yanzu su biyu ke raba layi ɗaya, kowa ya samu rabin gudu. Ƙarfe 8:30 sun zama uku, 8:45 huɗu. Duk sabon da ya shigo yana rage wa na farko gudu, jinkirin na farko kuma yana ba wani sabo damar shigowa. In ka bi lissafin, na farkon ba zai gama ba sai wajen 9:54, lokacin su takwas ne a kan layi, an kuma ƙona fiye da megabayit 800. Sauran bakwai ɗin ba za su tsaya ba, kowanne sai ya kai nasa 300. Jimilla 2,400 kenan a kan abin da 300 ya isa. Kuma da yake Google Drive yana yarda fayil biyu su ɗauki suna ɗaya a jaka ɗaya, kana iya tarar da tatsuniya guda ta jeru sau da yawa.

Gane wannan ba wuya. Rubuta `pgrep -a rclone`. Layi ɗaya ya kamata ka gani, ko babu. A shagon abokina layuka ne suka jeru, duk umarni iri ɗaya.

Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya sa alama. Aiki in zai fara ya ƙirƙiri wani ɗan fayil, in ya gama ya goge shi, wanda ya zo ya tarar da fayil ɗin ya haƙura. A takarda tana da kyau, amma ban yarda da ita ba, musamman a garin da wuta ke tafiya ba sallama kuma batirin kwamfuta ya tsufa. In na'ura ta mutu aiki na tsakiya, ba wanda zai goge alamar. In an ajiye ta a inda tashin kwamfuta ba ya sharewa, duk aikin da ya zo daga baya zai ganta ya koma. Kai kana zaune da tunanin ana ajiye maka babi-babi, alhali an yi makonni ba a tura komai ba. Asarar data ta fi wannan sauƙi, don ita aƙalla kana ganinta.

Abin da nake amfani da shi shi ne flock, wanda ke zuwa da kusan kowane Linux cikin kunshin util-linux:

```
*/15 * * * * /usr/bin/flock -n /tmp/ajiya.lock /usr/bin/rclone copy /home/ni/rubutu drive:ajiya
```

Nan ma akwai fayil, amma kasancewarsa ba ita ce makullin ba. Zuciyar tsarin Linux ce ke riƙe da makullin a madadin aikin da ke gudana. Aikin ya ƙare lafiya, ko an kashe shi, ko wuta ta ɗauke, makullin ya tafi tare da shi. Fayil ɗin yana iya zama a wurin shekara guda bai hana kowa komai ba. Kada ma ka goge shi da hannu aiki na gudana, don na gaba zai ƙirƙiri sabo ya kulle, su koma su biyu.

Wannan `-n` ɗin shi ke cewa in ka tarar a kulle, juya kawai. In babu shi, kowane sabon aiki zai tsaya jira, su taru kamar layin awo. Da shi, na 8:15 da na 8:30 za su juya, na farko ya gama 8:40, na 8:45 ya leƙa ya ga komai ya isa.

Saura rami ɗaya. Flock yana sakin makulli ne in aiki ya mutu. In kuwa aikin ya maƙale, bai mutu ba bai ci gaba ba, makullin yana hannunsa, sauran kuma suna ta juyawa shiru, don `-n` ba ya faɗa wa kowa. Shi ya sa nake saka `timeout 2h` tsakanin sunan fayil ɗin makulli da rclone, ya yanke duk aikin da ya wuce awa biyu. Ka auna wa'adin da fayil ɗinka mafi girma. In ka sa minti 30 a kan abin da ke buƙatar 40, kullum za a yanke shi gab da ƙarshe, data na tafiya muryar ba ta isa ba. Ni dai duk Juma'a nakan buɗe jakar daga wayata in duba kwanan watan babin ƙarshe da ya shiga.