Yadda Muryar Wata Tsohuwa Ta Ɓata A Hannuna

Ni ba Bahaushe ba ne. Da harshen Angas na buɗe baki a Pankshin, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta, har ga shi yau ina nazarinta a nan Naraguta. Wannan ne ya sa da aka zo maganar kundin kammala digiri na zaɓi Hausar da ake yi a kasuwar Farin Gada, inda 'yan gwari daga ƙabilu daban-daban suke ciniki da harshe guda. Ni da abokan karatuna huɗu muka yi zango biyu muna ɗaukar murya da hotuna, har muka tara fayil 3,412 a kwamfutata.

Matsalar ita ce sunaye. Rikodar da muka ara, duk lokacin da aka share mimorinta sai ta koma ƙirga daga farko, saboda haka `REC001.mp3` kaɗai ya bayyana a folda fiye da ashirin. Canza suna ɗaya bayan ɗaya da hannu aikin makonni ne. To, da ma na ɗan koyi Rust lokacin hutu, wato harshen rubuta manhaja da ya girma a kamfanin Mozilla, wanda cikakken zubinsa na farko ya fito a 2015. An san shi da kama kuskure tun kafin manhaja ta fara aiki. Sai na rubuta 'yar ƙaramar manhaja wadda ba ta da hoto ko maɓalli, umarni kawai ake buga mata, na sa mata suna `jera`. Aikinta ta kwashe kowane fayil ta kai shi foldar watan da aka ɗauke shi.

Cikin ƙiftawar ido ta gama, ba ta yi ƙorafin komai ba. Har na miƙe zan tafi cin abinci, sai zuciyata ta ce in ƙirga. Na ƙirga, na samu 3,371. Arba'in da ɗaya sun yi ɓatan dabo.

Ya kai mai karatu, ga abin da ya faru. Umarnin da na yi amfani da shi, `std::fs::rename`, idan ya tarar da wani fayil mai irin sunan a inda zai sauka, ba ya tsayawa, ba ya tambaya. Danne na farkon yake yi, ya hau gurbinsa, sannan ya kawo rahoton `Ok`, wato komai lafiya. Wanda aka danne ɗin ba ya zuwa kwandon shara ballantana a je a ɗauko shi. Wannan hali a rubuce yake a bayanin Rust, ni ne ban karanta ba. Duk `REC001.mp3` biyu da suka haɗu a wata ɗaya, na baya ya cinye na farko.

Na dawo da 38 daga fulas ɗin abokina, amma kwafinsa na mako biyu baya ne. Uku sun tafi ke nan. Ɗaya daga cikinsu hira ce ta minti arba'in da wata tsohuwa mai sayar da yalo, wadda ta jero mana karin magana irin na Hausar Jos da ban taɓa gani a littafi ba. Da na koma nemanta, maƙwabtanta suka ce 'ya'yanta sun mayar da ita ƙauye saboda rashin lafiya. Da-na-sani ƙeya ce.

Na sake rubuta `jera` bisa sharuɗɗa uku. Na farko, tsari kafin aiki. Yanzu manhajar takan zagaya dukkan foldoji ba tare da ta taɓa komai ba, ta rubuta jerin tsohon suna da sabon suna, sannan ta duba ko akwai biyu da za su sauka wuri guda. Kafin ta gwada sunaye takan mayar da su ƙananan haruffa, domin a wurin Windows `Kasuwa.mp3` da `kasuwa.mp3` suna ɗaya ne, alhali Linux na ɗaukar su biyu. Ko karo ɗaya ta gani, sai ta tsaya ta nuna mini. Kuma idan ban ƙara kalmar izini ba, nuni kawai take yi:

```
jera rikodi/ sabo/
jera rikodi/ sabo/ --aiwatar
```

Sharaɗi na biyu, kwafi maimakon ɗauka. Na daina amfani da `rename` gaba ɗaya, tun da ma ba ya iya tsallakawa daga kwamfuta zuwa fulas. Ga zuciyar sabon aikin:

```rust
let mut sabo = OpenOptions::new()
    .write(true)
    .create_new(true)
    .open(&masauki)?;
io::copy(&mut tsoho, &mut sabo)?;
sabo.sync_all()?;
```

Sirrin yana cikin `create_new`. Ma'anarsa: buɗe sabon fayil, amma in akwai mai wannan suna, ka fasa, ka kawo kuskure. Dubawar da buɗewar a taki ɗaya suke faruwa, don haka babu ratar da wani abu zai kutsa tsakaninsu. Shi kuma `sync_all` yana tabbatar da cewa abin ya sauka a kan faifai. Na asali yana nan inda yake, sai na saurara na gamsu nake share shi da hannuna. Tsadar wannan hanya ita ce tana cin wuri ninki biyu, kuma ta fi jinkiri. Na yarda da wannan ciniki.

Sharaɗi na uku, rajista. Bayan kowane kwafi, manhajar takan gwada abin da ke cikin tsoho da sabo, in sun yi daidai ta rubuta layi guda a fayil ɗin rajista. Ranar da na ga amfanin wannan, an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirin kwamfutata kuma ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo, na tarar da fayil 1,907 a sabuwar folda, amma layi 1,906 a rajista. Guda ɗayan da ba shi da layi shi ne wanda ya tsaya rabi. Na share shi, aiki ya ci gaba daga nan.

Akwai kuma wani abu da zai ba ɗalibin Hausa dariya. Da na jera sunaye bisa haruffa, sai na ga "ƙasa" ta faɗo bayan "zomo". Dalili shi ne kwamfuta lamba take bi: z tana da 122, ƙ tana da 409, ɓ da ɗ kuwa sun kusa 600. Sai da na rubuta mata abacada da kaina, na ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Haka ma lambobi: 10 takan riga 2 zuwa, sai an cike gaba da sifili, a rubuta `0002` da `0010`.

Rust ya tilasta mini in tanadi amsa ga duk kuskuren da na'ura ta kawo, amma danne fayil ba kuskure ba ne a wurinsa, umarni ne na bayar ya bi. Mu da muke karatu a harabar da gobara ta cinye ɗakin karatunta a Oktoban 2016 mun san abin da ake nufi da kwafi ɗaya tilo. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kafin ku saki kowace manhaja a kan rikodinku, ku yi kwafi na ranar, ku ƙirga kafin aiki, ku sake ƙirgawa bayansa. A babi na uku na kundina akwai karin magana bakwai na tsohuwar nan, waɗanda na iya tunowa da ka. Sauran suna can ƙauye tare da ita.