Minti 3 kawai, Alhaji

Mu manoman albasa ne a gefen Galmi, cikin jihar Tawa, mu bakwai da muke haɗa kayanmu wuri guda don neman mota. Wani abu ya same mu a kakar da ta wuce, muka ga ya dace mu faɗa muku.

Mun cire albasa cikin watan Afrilu, buhu 80, ga zafi ya kankama. Duk mai noma ya san albasar da ta sha taki da ruwa ba ta jure ajiya. Kwana kaɗan sai ka taɓa wuyanta ka ji ya yi laushi, wari ya fara tashi. Akwai wani Alhaji a Maraɗi mai manyan motoci, muna son ya ba mu wuri cikin wadda za ta yi lodi. Kwana 2 muna kira, ba ya ɗauka. Muka tura saƙo: "Alhaji, in ka samu lokaci muna son magana." Shiru. Har wasunmu suka fara cewa girman kai ne.

Direbansa, ɗan garinmu ne, shi ya warware muna. Ya ce: "Ku fa ba ku san halinku ba. In kun kira, sai an gaida gida, an gaida gona, an yi batun zafi, sannan kowa ya amshi waya ya gaisa. Yana ganin lambarku ya san rabin awa ta tafi, ga mutum goma tsaye gabansa."

Gaskiya ce mai ɗaci. Mutumin bai ƙi mu ba, bai dai san tsawon abin da zai shiga ba. "In ka samu lokaci" kuwa, mai hidima ba ya samun lokaci, yankarsa yake yi. Ba zai yanka ba sai ya san nawa ake so.

Sai muka sake dabara. Babbanmu ya yi saƙon murya a WhatsApp, ya yi gaisuwa cikakkiya a ciki, sannan ya ce: "Alhaji, minti 3 muke roƙo, ba ƙari. Magana ɗaya ce: wurin buhu 80 a motar da za ta yi lodi Galmi. Mu kira bayan La'asar ko bayan Isha'i, wanne ya fi maka?" Ba a jima ba amsa ta zo: "Bayan Isha'i."

Kafin lokacin muka zauna muka gwada, wani yaro yana duba agogon waya. Karon farko babbanmu ya ci minti 6, don ya shiga labarin tsadar man injin ban ruwa. Muka datse. Gaisuwa rabin minti, bayani minti ɗaya: buhu nawa, ina suke, yaushe muke iya kai su bakin titi. Sauran na Alhaji ne, tunda amsarsa muke nema. Da aka yi kiran, agogo ya nuna minti 2 da daƙiƙa 40, babbanmu ya ce: "Alhaji, mun cika alkawari, Allah ya saka." Ya ba mu wurin buhu 60. Sauran 20 muka sayar nan gida da araha, wasu ma sun riga sun lalace cikin kwanakin da muka ɓata.

Me ya sa ba mu ce minti ɗaya ba? Don kowa ya san "minti ɗaya" bakin magana ne, ba mai yarda da shi. Amma 3 ko 4 na nuna ka auna abin. Kuma in ka faɗi adadi, ka tsaya kansa. Ranar da ka ce 3 ka ci 15, ka ƙone lambarka. In ka ji mutum ya fara "to, to, to" da sauri, ko yana amsa wa wani gefe, ka wuce iyaka, yi sallama.

Sai dai ba kowace magana ke shiga wannan mudu ba. Ba a ce wa mahaifi minti 3, ba a yin ta'aziyya ko neman aure da agogo, rikicin bashi ma zama yake so. Wannan na tambaya guda ce mai amsar i ko a'a.

Bana tun kafin mu cire albasa muka tura: "Alhaji, minti 3 irin na bara." Shi da kansa ya kira. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.