Tambayar da ke sa a ajiye biro

Jama'a, mun sha ganin haka duk lokacin da muka raba takardar rajistar 'yan ƙungiya a nan Abuja. Mutum zai cike suna, unguwa da sana'a, da ya iso kan "nawa kake samu a wata?" sai ya rubuta "Alhamdulillahi" ya wuce. Ba ma ganin laifinsa. Mai kaɗan yana jin kunya, mai yawa yana tsoron baki da masu roƙo. Ko gwamnati ma ta kauce wa tambayar addini a ƙidayar 1991 da ta 2006.

Dabarar farko mai sauƙi ce. Mun daina neman adadi, muna ba da rukuni mutum ya zaɓa: ƙasa da naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, sai 70,000 zuwa 149,999, sai 150,000 zuwa 299,999, sai 300,000 zuwa sama. Kada iyakoki su hau juna. Ɗan kasuwar Wuse ko Dei-Dei da ba ya ɗaukar albashi kuwa, ribar mako ake tambayarsa. Idan kusan kowa ya taru a rukuni ɗaya, yankan ne bai yi ba.

Akwai tambayar da rukuni ba ya yi mata magani, kamar "ka taɓa cin bashi mai kuɗin ruwa?" Wa zai amsa wannan a gaban wanda suke sahu ɗaya a masallaci? Stanley Warner ya kawo mafita a 1965, ga kuma wani salonta da ɗan ludo. Mutum ya jefa a ɓoye. In 1 ta fito ya ce "eh", in 6 ce ya ce "a'a", daga 2 zuwa 5 ya faɗi gaskiya. Mai tambaya bai ga abin da ya fito ba, don haka "eh" ɗin ba ta tona asirin kowa.

A ce mutum 120 aka tambaya, 40 suka ce "eh". Kusan 20 ludo ne ya tilasta musu "eh", wasu 20 "a'a", saura 80 masu faɗin gaskiya. A cire 20 daga 40, saura 20 cikin 80, wato kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai dai ludo ba ya raba daidai, shi ya sa in mutane talatin ne kawai lissafin ba abin dogaro ba ne. Wani dattijon kuma ko 1 ta fito ba zai ce "eh" ba, a wurinsa ƙarya ce ya yi wa kansa. In masu "eh" suka gaza 20 cikin 120 da tazara sosai, to an ƙi bin ƙa'ida, a sake bayani. Kuma yawan masu bashin kawai za mu sani. Wanda za a kai wa tallafi, sai shi da kansa ya zo ya sami ma'aji.